Wane fanni zan kama daga cikin abin da na iya, alhali ban taɓa samun kwastoma ba?

Rukayya: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin ƙashin kai ta intanet. Na shekara shida ina kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya, kuma aikina na kullum shi ne shigar da kayan da suka zo da waɗanda suka fita a cikin Excel, sannan a ƙarshen wata in daidaita abin da ke rubuce da abin da aka ƙirga a cikin sito. Ban da wannan, hannuna yana da sauri a buga rubutu, ina iya tsara takardar talla a Canva, kuma ni ce nake rubuta yawancin wasiƙun ofishinmu. Wata biyu ke nan da na buɗe shafi a Upwork, dandalin neman aiki ta intanet, na jera waɗannan abubuwa huɗu duka a kan bayanina, na aika tayin aiki ashirin da uku, amma ko mutum ɗaya bai amsa mini ba, kuma Connects ɗina, wato makin da ake kashewa wajen aika tayi, sun kusa ƙarewa. An ce mini in zaɓi fanni guda in tsaya a kansa, sai dai ban san da wane ma'auni zan zaɓa ba, tunda ba ni da kwastoma ko ɗaya da zai nuna mini inda na fi amfani.

Bashir: Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Ni dai ban yarda da maganar taƙaita kai tun daga farko ba. Wanda ba shi da shaidar kowa a shafinsa bai kai matsayin zaɓe ba tukuna, domin abin da mai ba da aiki yake fara dubawa shi ne taurari da sharhin waɗanda aka yi wa aiki a baya. Shawarata ita ce ki karɓi duk ƙaramin aikin da ya samu, ko buga rubutu ne ko zane, har ki tara shaida biyar, sannan ki zauna ki yi tunanin fanni. Haka na yi, kuma da babu gara ba daɗi.

Malam Nuhu: Malam Bashir ya faɗi gaskiya a wuri guda, wato rashin shaida shi ne asalin matsalar, amma ina ganin maganin da ya kawo shi ne ainihin abin da Malama Rukayya ta gwada sau ashirin da uku bai yi aiki ba. Ya kamata mu tsaya a inda mai ba da aiki yake tsaye. Ya buɗe tayi talatin, ba ya sanin kowa a cikinsu, kuma abin da yake tsoro shi ne ya ba da kuɗinsa da lokacinsa a dawo masa da aikin da zai sake bai wa wani. Shaidar kwastomomin baya tana rage masa wannan tsoro. Idan ba ki da ita, dole wani abu ya tsaya a madadinta, kuma abubuwa biyu kaɗai na sani da suke iya tsayawa: samfurin aiki wanda ya yi kama da nasa ƙwarai, da kuma magana a cikin tayinki wadda take nuna kin san inda irin wannan aiki yake lalacewa. Duka biyun ba sa yiwuwa ga wanda ya jera fanni huɗu, domin ba zai iya shirya samfuri mai kyau ga kowanne ba, kuma maganarsa za ta zama irin wadda kowa yake rubutawa.

Saboda haka ma'aunin da nake bayarwa ga wanda bai da shaida ya bambanta da na wanda ya daɗe. Ban fara tambayar abin da ya fi so ko abin da ya fi tsada ba. Ina tambaya ne, a cikin abubuwan da ya iya, wanne ne mai ba da aiki zai iya dubawa a cikin minti biyar ya tabbatar da idonsa cewa an yi daidai? Zanen talla ba ya cikin wannan, domin kyansa ra'ayi ne, kuma a wurin ra'ayi mutane suna bin mai suna. Wasiƙa ma haka take. Amma fayil ɗin kaya, ko dai ya shiga inda ake son ya shiga ko ya ƙi, ko dai lissafin ya daidaita ko bai daidaita ba. A irin wannan aiki gani ya kori ji.

Kafin ki yanke shawara, Malama, ki daina aika tayi na mako biyu, ki koma karanta tallan ayyuka kawai, wanda ba ya cin Connects. Ki buɗe jadawali, ki riƙa rubuta kowane talla da kike da tabbacin za ki iya kammalawa yau ba tare da koyon sabon abu ba. Ki rubuta wane irin mutum ne ya sa tallan, me yake son a miƙa masa a ƙarshe, da adadin tayin da aka riga aka aika masa, wanda Upwork yake nunawa a ƙarƙashin kowane talla, kamar `5 to 10` ko `20 to 50`. Idan kin tara arba'in, ki dawo mana da su.

Isiyaku: Ni ina ganin matsalar ta dandalin ce. Upwork yana wahalar da sababbi saboda sai ka kashe Connects kafin a ma karanta tayinka. Ki koma Fiverr, inda za ki ajiye tallanki kyauta masu saye su zo su same ki da kansu.

Malam Nuhu: Malam Isiyaku, tambayarta ba ta dandali ba ce, kuma sauya dandali zai ƙara tsananta ta ne. A Fiverr kowane talla yana farawa da `I will`, sannan mutum ya faɗi abu guda da zai yi, kuma mai saye yana samunsa ne ta hanyar kalmomin da ya rubuta a wurin bincike. Wanda bai san abu gudan da zai rubuta bayan waɗannan kalmomi biyu ba, can ma zai nutse a cikin dubban masu faɗin abu iri ɗaya. Na zaɓi Upwork domin wannan ƙidaya ne saboda a can masu ba da aiki suke rubuta buƙatarsu da bakinsu, kowa yana iya karantawa. Bayan ta san fanninta tana iya buɗe shafi a duk inda ta ga dama.

Hajiya Maryam: Ina son in ƙara gargaɗi daga abin da ya same ni, domin taƙaita kai ma yana da nasa ramin. Lokacin da na fara, na iya tsara shafukan littafi, kuma da aka ce mini in kama fanni guda sai na zaɓi tsara littattafan waƙoƙi, saboda shi ne abin da zuciyata take so. Na shirya samfura masu kyau, na gyara bayanina tsaf, sannan na zauna wata uku ina jira, aiki ɗaya tak ya zo. Ba gasa ce ta kayar da ni ba, masu buƙatar ne ba su da yawa, kuma waɗanda suke akwai yawancinsu da kansu suke yi. Da na koma tsara rahotannin shekara na ƙungiyoyi, da irin ƙwarewar nan tawa ba tare da na koyi wani sabon abu ba, sai aiki ya fara zuwa. Saboda haka, 'yar'uwa, idan kika ga talla babu masu tayi da yawa, kada ki yi saurin murna. Ki duba ko irinsa yana sake fitowa kowane mako, domin wurin da babu kowa wani lokaci babu abin ɗauka ne a cikinsa.

Rukayya: Na gode muku duka. Na yi abin da Malam Nuhu ya ce, kuma cikin kwana goma sha biyu na tara talla arba'in da ɗaya da nake ganin zan iya. Goma sha bakwai na shigar da bayanai ne kawai, wato kwafe rubutu daga wuri zuwa wuri, kuma kusan dukkansu sun haura tayi hamsin kafin kwana ya zagayo. Tara na zanen talla ne, su ma cike suke, kuma yawancinsu sun nemi a nuna aikin da aka yi wa wasu. Huɗu na wasiƙu ne da amsa saƙonni. Goma sha ɗaya da suka rage sun ba ni mamaki, domin ban taɓa ɗaukarsu fanni ba: masu ƙananan shagunan intanet ne waɗanda dillalinsu ya turo musu jerin kaya a hargitse, suna son a gyara shi a zuba a shagon. Bakwai daga cikinsu sun ambaci Shopify, dandalin buɗe shagon intanet, kuma tayin da ke kansu bai kai na sauran yawa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ban taɓa buɗe Shopify ba, ko da yake jerin kayan da suke bayyanawa irin wanda na shekara shida ina fama da shi ne.

Malam Nuhu: To, ga fanninki nan ya fito daga ƙidayarki, ba daga bakina ba. Ki lura da abin da ya faru: a bayaninki kin rubuta sunan manhaja, wato Excel, alhali abin da kika mallaka wanda sauran masu tayi ba su da shi shi ne sanin kaya. Kin san cewa riga ɗaya mai launi uku da girma huɗu abubuwa goma sha biyu ne a sito, kowanne da lambarsa, kuma kin san abin da yake biyo baya idan lamba ɗaya ta hau kan kaya biyu. Mai saurin buga rubutu bai san wannan ba, kuma a nan ne aikin yake lalacewa.

Abin da ya rage miki na Shopify kaɗan ne, bai kai a kira shi sabuwar sana'a ba. Shagon yana karɓar kaya ta fayil ɗin CSV mai tsari sananne. Akwai layin tsaye mai suna `Handle`, kuma shi ne yake haɗa nau'o'in kaya guda: rigar nan mai nau'i goma sha biyu za ta ci layi goma sha biyu, dukkansu da `Handle` iri ɗaya, amma kowanne da nasa `Variant SKU`, sannan launi da girma su shiga `Option1 Value` da `Option2 Value`. Idan aka bai wa kowane layi `Handle` dabam, mai shago zai wayi gari da riguna goma sha biyu a maimakon riga ɗaya mai zaɓi, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi. Hotuna kuma ba a cusa su a cikin fayil ɗin, adireshinsu na intanet ake sawa a `Image Src`, kuma dole ya zama adireshin da yake buɗewa ga kowa.

Sai kuma tarkon da Excel kansa yake ɗanawa, wanda nake son ki riƙe shi da kyau domin shi ne zai zama jimlar farko a tayinki. Idan aka buɗe CSV kai tsaye, Excel yana ɗaukar lambar kaya a matsayin adadi, sai ya zubar da sifirin da ke gabanta, 00451 ta koma 451. Lambar bakod mai alƙaluma 13 kuma yana nuna ta a taƙaice kamar `5.01E+12`, kuma idan aka adana fayil ɗin a haka, sauran alƙaluman sun tafi, ba a iya dawo da su sai an koma ga asalin fayil ɗin dillali. Maganinsa shi ne a shigo da fayil ɗin ta `From Text/CSV` a mayar da waɗannan layukan tsaye `Text` kafin a taɓa komai, sannan a adana da `CSV UTF-8` domin kada haruffa na musamman su rikiɗe. Domin gano lambar da aka maimaita, wannan ya isa, idan lambobin suna layin A:

```
=SUMPRODUCT(--($A$2:$A$10000=A2))>1
```

Duk inda ya nuna `TRUE`, akwai kaya biyu da suke rabon lamba ɗaya, kuma ba ke za ki zaɓi wanda zai riƙe ta ba, mai shago za ki tambaya. Domin gwaji, Shopify yana bai wa wanda ya yi rajista a shirinsa na Partners damar buɗe shagon gwaji kyauta, kuma a nan za ki zuba fayil ɗinki ki ga abin da ya fito.

Rukayya: Batun sifirin nan ya taɓa samuna a wurin aiki, har muka yini muna neman kayan da suke nan a gabanmu saboda lambarsu ta canza, amma ban taɓa tunanin abin da zan faɗa wa kwastoma ba ne. Game da samfuri, ina da tsofaffin fayilolin sitonmu masu layi sama da dubu biyu a kwamfutata. Zan iya gyara ɗaya in nuna yadda yake a da da yadda ya koma?

Hajiya Maryam: Kada ki yi haka, 'yar'uwa, ko da kin goge sunan kamfanin. Jerin kaya da lambobinsu da sunayen dillalai amanar wurin aikinki ce, kuma kwastoma mai hankali idan ya gane cewa fayil ɗin wani kika nuna masa, zai san cewa nasa ma haka za a yi da shi. Ki ƙirƙiri naki jerin da kayan da babu su a zahiri. Layi sittin ya wadatar, muddin kin zuba masa irin matsalolin da kika gani a tallan nan goma sha ɗaya: lamba da aka maimaita, launi da girma a cunkushe a wuri guda, suna ɗaya da aka rubuta ta hanya uku. Sannan ki rubuta a fili cewa samfurin gwaji ne. Ban taɓa ganin an ƙi mutum saboda ya faɗi haka ba.

Bashir: Na yarda ƙidayar ta nuna abin da ban zata ba, kuma na janye rabin maganata. Amma akwai abin da ba a taɓo ba. Wannan aiki ne na sau ɗaya: an gyara fayil, an zuba, mai shago ya yi godiya ya tafi, Malama Rukayya ta koma neman wani daga farko. Fannin da ya cancanci a gina rayuwa a kansa shi ne wanda kwastoma yake dawowa kowane wata, kamar riƙe littafin kuɗi. Ban da haka, ita Shopify ɗin tana da manhajoji da yawa da suke yin shigar da kaya, kuma kullum ƙara sauƙi suke yi. Ina tsoron a ɗora ta a kan abin da zai ƙanƙance nan gaba.

Malam Nuhu: Wannan suka ce mai nauyi, Malam Bashir, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Wasu daga cikin ayyukan na sau ɗaya ne da gaske, musamman na mai ƙaura daga wani dandali zuwa wani. Amma shagon da yake saye daga dillali yana karɓar sabon jeri duk lokacin da kaya suka canza, kuma wannan jeri a hargitse zai sake zuwa, domin dillali da tsarinsa yake rubutawa, ba da tsarin shagon ba. Ana iya gane irin wannan kwastoma tun daga tallansa: zai ambaci dillali fiye da ɗaya, ko ya ce adadin kayan da shagon yake nunawa ba ya daidaita da abin da ke hannunsa. Wannan na biyun shi ne ainihin aikin da Malama Rukayya take yi a ƙarshen kowane wata shekara shida, kuma ina ganin can ne za ta dosa, gyaran fayil ƙofa ce kawai. Manhajojin da ka ambata suna zuba abin da aka ba su ne, ba sa sanin wanne ne daidai a tsakanin kaya biyu masu lamba ɗaya. Game da riƙe littafin kuɗi kuwa, babu mai miƙa asusunsa ga baƙon da ba shi da shaida, kuma ba ta ce ta iya ba.

Bashir: A kan ƙofa na yarda, amma a kan ko za ta kai ga ɗakin, sai mun gani. Ni da zan ba ta shawara, zan ce ta yi wa mutum biyu na farko kyauta domin ta samu shaida da wuri.

Hajiya Maryam: A nan na saba da kai. A Upwork shaida tana biyo bayan kwangilar da aka ƙulla a dandalin ne, kuma dokokinsu ba su yarda mai ba da aiki ya nemi aikin kyauta ba. Abin da ya yi mini amfani shi ne rage girman aikin, ba cire ladansa ba: in ce a ba ni shafi goma na farko a matsayin ƙaramin mataki, idan an gamsu a ci gaba. A nata fannin, layi hamsin na farko ke nan.

Isiyaku: To idan ta yi duk wannan kuma shiru ya ci gaba fa? Yaushe za ta san fannin ne bai karɓe ta ba?

Malam Nuhu: Ba ni da adadin da zan rantse a kansa, amma abin da nake yi shi ne in duba inda shirun yake faruwa. Upwork yana nuna ko an buɗe tayin mutum. Idan ta aika goma sha biyar ga tallan da suka dace sosai kuma ba a buɗe su ba, matsalar tana jimlolin farko ne ko kuma tana makara wajen aikawa, fannin bai samu damar a gwada shi ba. Idan ana buɗewa ba a amsawa, samfurin za a duba. Idan kuma tallan kansu ne suka ƙafe har mako ya wuce ba ta ga uku ba, to abin da ya samu Hajiya Maryam ne, sai ta faɗaɗa zuwa WooCommerce, wani tsarin shagon intanet, wanda shi ma yake karɓar kaya ta CSV da nasa tsarin. Abu guda da zan roƙe ki, Malama, idan aiki ya zo: kafin ki zuba komai a shagon mutum, ki fitar da kwafin kayansa na yanzu ki ajiye, domin akwai zaɓin da yake maye gurbin duk kayan da `Handle` ɗinsu ya yi daidai da na fayil ɗinki, kuma layin tsayen da kika bari babu komai a ciki yana iya shafe abin da mai shago ya rubuta da hannunsa.

Rukayya: Na buɗe shagon gwajin jiya, na zuba layi sittin da na ƙirƙira. Hamsin da shida sun shiga daidai, huɗu kuma sun fito a matsayin kaya dabam saboda na bambanta rubutun `Handle` ɗinsu da harafi ɗaya ban lura ba, na gyara na sake zubawa. Na cire zane da wasiƙu daga bayanina. Abin da ban yanke ba shi ne ko in sa sunan Shopify a kan taken bayanin ko in bar shi a kan gyaran jerin kaya gaba ɗaya, tunda huɗu daga cikin tallan goma sha ɗaya ba su ambace shi ba.

Hajiya Maryam: Ni da zan sa shi, domin kalmar da bakwai ɗin suke bincike da ita ke nan, sannan ki ambaci sauran a cikin bayanin.

Bashir: Ni kuma ba zan ɗaure sunana da kamfani guda ba tun ban samu aikin farko ba. Ki turo mana samfurin mu duba kafin ki aika tayin farko.